Farashin yashi kala uku: kubik, tan da tifa. Wanne ya fi sauƙi?

Maman Halil: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar gini ku taimaka min da lissafi. Muna gini a nan Kano, an kai wajen zuba dekin, maigidan kuma yana Fatakwal wajen aiki, ni ce a kan komai. Wanda ya yi mana lissafin kaya ya rubuta yashi kubik mita 40, na dekin da sauran ginin bulo na sama. Na tambayi mutum uku, kowa ya ba ni farashi da nasa yaren. Na farko ya ce kubik ɗaya naira 11,000 har ƙofar fili. Na biyu ya ce shi da tan yake sayarwa, tan ɗaya naira 6,500, akwai takardar sikeli. Na uku mai tifa ne, ya ce sawu ɗaya naira 120,000, motar mai taya goma ce, tan 20 take ɗauka. Dukansu sun ce yashin kogi ne. Na rasa ta inda zan haɗa su. Wanne ne mai sauƙi?

Rabi'u Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai wannan ba shi da wuya. Kubik ɗaya na yashi tan 1.6 ne. Mai tan kenan kubik ɗinsa ya kama 6,500 sau 1.6, naira 10,400. Mai tifa kuma tan 20 in aka raba da 1.6 kubik 12.5 ne, ki raba 120,000 da 12.5, naira 9,600. To kin gani: mai tifa 9,600, mai tan 10,400, mai kubik 11,000. Ki kira mai tifa kawai.

Maman Halil: Kai, Allah ya saka da alheri. To sawu nawa zan ce ya kawo?

Rabi'u Fagge: 40 a raba da 12.5, uku da ɗan ɗori. Ki ce huɗu, ragowar ba za ta ɓaci ba.

Injiniya Kabiru: Hajiya ki ɗan dakata da kiran nan tukuna. Hanyar da Malam Rabi'u ya bi daidai ce, dole a mayar da su awo ɗaya kafin a gwada. Inda nake da ja shi ne lambobi biyun da ya ɗora lissafin a kansu, wato tan 20 da kuma 1.6. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka auna a kan yashin da za a kawo miki.

Mu fara da tan 20 ɗin. Wannan sunan mota ne, ba nauyin abin da ke cikinta ba. Idan direba ya ce motarsa tan 20 ce, yana nufin ajinta, yadda ake cewa mai taya shida ko mai taya goma. Tifa biyu masu taya goma za su tsaya kusa da juna, bodin ɗaya ya fi na ɗaya zurfi da taki guda, kuma duk tan 20 ake kiransu. Wata an yi mata ƙarin katako a gefe, wata an sake ƙera bodin a gareji ya ragu. Bayan haka ga yadda aka yi lodin, ko an cika ko an bar rami a kusurwoyi.

Abin da za ki yi: ki ce ya zo da motar da zai riƙa kawo miki, ko ki tura yaro inda yake fakin. A auna cikin bodin, ba bayansa ba, tsawo da faɗi da zurfi. A yi amfani da gefen tef mai mita. In ya zo da lodi ma ya fi, a baje yashin da shebur ya kwanta daidai, a soka rodi a wuri huɗu ko biyar a ga zurfin yashin kansa. Tsawo sau faɗi sau zurfin yashi, shi ne kubik ɗin da kike biya.

Awwalu Mai Tifa: Injiniya da girmanka, kullum mu ne abin zargi. Ni shekarata da yawa ina jan tifa daga Wudil da Challawa. Mutum zai ce a kawo masa yashi, mu yi masa tozo har yana zuba a titi, bai taɓa cewa na gode ba. Ranar da ya ga kusurwa da ɗan rami sai ya ce an cuce shi. Kuma ku sani yashi yana zama a hanya. Abin da ya cika bodi a bakin kogi, kafin ka iso cikin gari da ramukan nan ya sauka da kusan tafin hannu. Ba sata ba ce.

Injiniya Kabiru: Malam Awwalu ban ce sata ba. Kuma maganar zaman yashi gaskiya ka faɗa, za mu dawo kanta don tana da tasiri a lissafin. Abin da nake cewa, mai saye ya san me sawu ɗaya ya ƙunsa. Ko a kasuwar hatsi ai sai an yi magana tiya da tozo ce ko shafe kafin a fara awo. Tozon kuma ido yana ruɗuwa da shi. Tsininsa zai kai rabin mita a tsakiya, amma in ka baje shi a duk faɗin bodin da ƙyar ya ba ka kashi ɗaya cikin uku na wannan tsayin, wani lokaci ma ramukan kusurwa kawai zai cike.

Baba Ɗanladi Birkila: Hajiya sannu da fama. Ni ban iya wannan lissafin na 'yan boko ba, amma tun muna yara muka san ƙaramar tifa kubik biyar ce, babba kubik goma. In an ce miki arba'in, babba huɗu kenan. Magana ta ƙare.

Injiniya Kabiru: Baba, biyar ɗin nan da kuka sani yadi ne, ba mita ba. Tsofaffin ƙananan tifofi da kubik yadi ake ƙidaya su. Kubik yadi ɗaya bai kai kubik mita ba, kusan 0.76 ne. Don haka tifa mai yadi biyar kubik mita 3.8 take ɗauka. Har yau akwai masu cewa "kubik biyar" suna nufin yadi, mai saye kuma yana jin mita. A kowane sawu an tafi da fiye da kubik ɗaya ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Baba Ɗanladi Birkila: To ai shi ya sa nake ce wa masu gida yashi ba ya isa. Su ce mu ne muke ɓarna.

Nura Ɗan Gwale: Ni dai shawarata kada ki sayi yashin da ba na kogi ba. Bara aka kawo mana wani mai laka, filasta duk ta tsattsage kafin wata biyu. Ki zuba shi a gorar ruwa ki girgiza, in ruwan ya yi ja ki mayar musu.

Rabi'u Fagge: Nura ba ingancin yashi ake tambaya ba, farashi ake gwadawa.

Nura Ɗan Gwale: Ai duk ɗaya ne. Arha mai laka ba arha ba ce.

Injiniya Kabiru: Yana da gaskiya ta wani gefen, a tabbatar duk ukun iri ɗaya suke nufi. Yashin kankare mai gautsi da na filasta mai laushi ba kuɗinsu ɗaya ba. Amma jan ruwa kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an bar gorar ta kwanta awa uku a ga kaurin lakar da ta zauna a saman yashin. Mu bar wannan zuwa wani lokaci, kada mu ɗaure wa Hajiya kai.

Maman Halil: Na dawo. Mai tifar ya kai wa maƙwabcinmu lodi da yamman nan, na roƙe shi ya tsaya kafin ya juye, ƙanena ya hau da tef da rodi. Bai so ba, yana ta cewa yana sauri, amma ya tsaya. Tsawon ciki mita 4.8, faɗi 2.3, zurfin bodi 1.1. Da aka baje yashin bai kai baki ba, rodin ya nuna 0.9 a yawancin wurare, ta baya wajen ƙofa ma bai kai haka ba.

Injiniya Kabiru: Madalla. 4.8 sau 2.3 sau 0.9, ya ba da kubik 9.9. Ko da an cika bodin har baki aka shafe, 12.1 zai ɗauka, bai kai 12.5 ɗin da aka yi lissafi da shi ba. Yanzu raba 120,000 da 9.9, kubik ɗaya ya tashi kusan naira 12,100. Wanda ya zo na ɗaya a sauƙi ɗazu ya koma na ƙarshe.

Rabi'u Fagge: To shi kenan, mai tan ya ci. 10,400 ai ya fi 11,000 sauƙi.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan wajenmu wannan rigimar ba ta cika yawa ba, don mai kamiyo da metir kib, wato kubik mita, yake faɗin motarsa, ka san abin da ka saya. Yashin Gulbi muke aiki da shi. Amma abin da na lura, in ka sayi lodi da damina ka ajiye, bayan sati biyu tarin ya ragu kamar an ɗiba, alhali ba wanda ya taɓa. Na sha zargin mai gadi a banza. Ko wannan yana cikin abin da Injiniya zai faɗa a kan 1.6 ɗin?

Injiniya Kabiru: Shi ne kai tsaye, Malam Isuhu. Yashi busasshe ƙarƙaf, a zube ba a danna ba, kubik ɗinsa yana kaiwa tan 1.5 zuwa 1.6. Nan lambar Malam Rabi'u ta fito, kuma ba laifi a yi aiki da ita in ba a da wata. Amma yashi mai danshi wani abu ne daban. Ɗan ruwan da ke jikin kowace ƙwaya yana riƙe ta da 'yar'uwarta, ya hana su zamewa su cike gurbin da ke tsakaninsu. Sai yashin ya kumbura, iska ta yi yawa a ciki. Danshi kaɗan, kamar kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, yana iya ƙara masa girma da kashi 20 zuwa 30, mai laushi ma ya fi haka. In ya bushe ya koma yadda yake, shi ne raguwar da ka gani. Abin mamakin, in ruwan ya yi yawa har ya nutsar da shi, nan ma kumburin yana sacewa.

To kun ga kowane awo da inda yake cizo. Mai sayen kubik, in yashin da danshi, yana biyan kuɗin iska. Mai sayen tan, in yashin jiƙe yake, yana biyan kuɗin ruwa. Abin da ke shiga cikin kankare kuwa ƙwayar yashin ce kawai. Saboda haka ni idan zan gwada farashi da gaske, tambayata ita ce nawa ne tan ɗaya na busasshen yashi a wajen kowannensu.

Maman Halil: Injiniya ni fa ba ni da ɗakin gwaji. Yaya zan san wannan?

Injiniya Kabiru: Kayan gwajin suna gidanki. Ki samo bokitin fenti mai lita 20 da sikelin da ake rataya kaya. Kafin komai ki tabbatar da inda lita 20 ta tsaya a bokitin, ki zuba ruwa da gora mai awo ki yi alama, don yawancinsu sun ɗan fi haka in an cika har baki. Ki auna bokitin ba komai. Sai a zuba yashin da shebur har alamar, kada a danna, kada a girgiza. A auna, a cire nauyin bokiti. Abin da ya rage ki ninka sau 50, don lita 1,000 ce kubik ɗaya. Wannan nauyin kubik ɗin yashin kenan yadda aka kawo shi.

Na biyu, ki auna kilo 2 daga cikinsa, ki zuba a tsohon kasko ki ɗora a wuta kina juyawa har ya daina tururi, ya riƙa zuba sar-sar daga cokali. Ki bari ya huce ki sake aunawa. Abin da ya ɓace ruwa ne. Wannan yana son ƙaramin sikeli irin na masu kek, na rataye ba zai nuna bambancin ba. Ki ɗebo yashin daga cikin tarin, ba na sama da rana ta busar ba.

Baba Ɗanladi Birkila: Yau ga sabon salo, ana suyar yashi. Amma maganar kumburi gaskiya ce. Da damina in na auna kwanon sarki huɗu na yashi a buhun siminti, kwaɓin sai ya fito da ƙarfin siminti fiye da na rani, kuma bai kai yawan da na saba ba. Mu dai ƙara rabin kwano muke yi da ido.

Awwalu Mai Tifa: Hajiya ki tambayi mai tan ɗin nan abu biyu. Shin 6,500 ɗin har da kawowa? Sannan wace mota zai turo? Masu sayarwa da sikeli yawanci manyan motoci suke lodawa, kuma farashin bakin wajen lodi suke faɗa. Ni in na ce 120,000, da man mota da kuɗin lodi da na ƙungiya da na hanya duk a ciki.

Maman Halil: Malam Awwalu ka taɓo inda yake. Na kira shi, ya ce kuɗin mota daban, naira 45,000 kowane sawu, motar tan 30 take ɗauka. Bai faɗa min da farko ba, ni ma ban tambaya ba. Sannan mun yi gwajin da yashin mai kubik, don ya ba ƙanena rabin buhu daga inda yake tarawa. Bokiti ya ba da kilo 28 bayan an cire nauyinsa. Kilo 2 da na soya ya dawo kilo 1.9. Yarana suna ta dariya wai Mama tana dafa ƙasa.

Injiniya Kabiru: To yanzu muna da abin kamawa. 28 sau 50, kilo 1,400, wato tan 1.4 a kubik, ba 1.6 ba. Ruwan ciki kusan kashi 5 cikin 100 ne. In an cire shi, busasshen yashin da ke cikin kubik ɗaya tan 1.33 ne. Naira 11,000 a raba da 1.33, tan ɗaya busasshe ya kama kusan naira 8,270 a wajen mai kubik.

Mai tan kuma, 45,000 a kan tan 30 naira 1,500 ce a kowane tan, farashinsa na gaskiya 8,000 kenan. Ba mu san ruwan da ke cikin nasa ba. In danshinsa irin wannan ne, busasshe ya kama 8,400. In kuwa daga cikin ruwa ake tsamo shi a loda yana ɗiga, ruwan zai iya kaiwa kashi 10, sai ya tashi 8,800.

Mai tifa, in muka ɗauka yashinsa irin na bokitin ne, kubik 9.9 sau 1.33 tan 13 ne da ɗan kai, kuɗin tan ɗaya ya haura 9,000 kaɗan.

Awwalu Mai Tifa: A nan ne ban yarda ba. Kai da bakinka ka ce yashi yana zama a hanya. Na cikin bokiti an zuba shi a sake, ka ce ma kada a girgiza. Na cikin tifa ya sha girgiza tun daga kogi. Ta yaya za ka auna zurfinsa bayan ya danne, sannan ka ba shi nauyin wanda bai danne ba? Ka cuci direban sau biyu.

Injiniya Kabiru: Wannan ja ne mai ƙarfi, kuma na karɓa. Kubik ɗin da ya yi tafiya ya fi na bokiti nauyi. Nawa ya fi, ya danganta da nisa da hanya da irin yashin, ba zan yanka lamba ba. In muka ce ya danne da kashi ɗaya cikin goma, lodin ya zama tan 14 da rabi, kuɗinsa ya sauko wajen 8,300. Ka ga ya zo kafaɗa da kafaɗa da sauran. Abin da zai raba gardama a hau da motar sikeli sau ɗaya, da kaya da kuma bayan an juye. Amma ko a hakan, tan 20 dai babu shi.

Awwalu Mai Tifa: Ni ban ce akwai ba. Sunan mota ne, kowa ya sani.

Rabi'u Fagge: Hajiya ba ta sani ba ai. Ni ma da shi na yi lissafi.

Isuhu Maraɗi: Tambaya ta gaba. Shi mai kubik ɗin, a ina ake auna kubik ɗinsa? In a wajen lodi ne da bokitin feloda, a sake yake. In a ƙofar Hajiya ne bayan ya yi tafiya, ta ci riba. Ai ba a bar shi haka ba.

Injiniya Kabiru: Tambayar da ta fi kowacce kenan ga mai kubik. Shi ma fa da tifa zai kawo, ba da akwati mai mita ɗaya ba. In bai yarda a auna motar a ƙofar fili ba, kubik ɗinsa da tan 20 ɗin wancan duk suna ne. Hajiya ki sa a rubuta a takardar: awo a wajen saukewa, a baje, kafin a juye, a biya abin da tef ya nuna. Kada ki yarda a ce a auna bayan an juye a ƙasa. Tarin da tifa ta zubar ba shi da siffar da za a auna da tef a samu gaskiya, kuma juyewar tana sake kumbura shi.

Mai tan kuma takardar sikelinsa ta nuna nauyi biyu, mota da kaya da mota ba kaya, da lambar motar da lokaci. Na biyun ya zama na ranar ne, ba wanda aka auna tun bara ake ta kwafa ba. In an ƙara wa bodi ƙarfe ko laka ta manne a ƙasansa bayan wancan awon, duk a kuɗin yashi za ki biya su. A kuma leƙa cikin bodin bayan an juye, jiƙaƙƙen yashi yana son maƙalewa ta gaba.

Hadiza Kwantiti: Na shigo a makare, na karanta daga sama. Abu ɗaya ba a taɓa ba, shi ne 40 ɗin kanta. Hajiya ki tambayi wanda ya yi miki lissafi ko ya sa kumburi da ɓarna a ciki. Wasunmu masu lissafin kayan gini suna sawa, wasu busasshen awo suke bayarwa su bar sauran ga mai saye. In busasshe ne, kina buƙatar wajen tan 64, wanda a yashi mai danshi irin na bokitinki kubik 48 ne, ba 40 ba. Kuɗin mai kubik ya zama 528,000 maimakon 440,000.

Kuma a lura da mai tan. Naira 1,500 da Injiniya ya raba tana aiki ne in kowace mota ta cika. Tan 64 busasshe zai kai 67 zuwa 70 da ruwansa. Mota biyu tan 60 ne, ba su isa ba, ta uku za ta zo da tan goma ko ƙasa da haka amma kuɗin sawunta cikakke ne. Kuɗin mota 135,000 kenan, jimla ta kama tsakanin 570,000 da 590,000. Sai dai in za ki cika ta ukun ki ajiye na gaba, ko ku raba da maƙwabci. Mai tifa kuma sawu biyar ne in an bi lissafin bokiti, 600,000, in kuma maganar Malam Awwalu ta tabbata huɗu da rabi, to babu mai kawo rabin sawu a rabin kuɗi.

Baba Ɗanladi Birkila: 'Yata ki duba layinku ma. Motar tan 30 ba kowane lungu take shiga ba, ga damina. In ta juye a bakin titi, kuɗin lebura da baro zai cinye duk abin da kike ta ƙirgawa. Na ga wadda ta nutse a kan sokawe ɗin mutane, kwana biyu ana fama.

Nura Ɗan Gwale: Kuma har yanzu ba wanda ya girgiza gorar nan.

Maman Halil: Nura na girgiza wallahi, tana kan taga tana kwanciya. Anti Hadiza na tura wa mai lissafin saƙo, bai amsa ba tukuna. Na yi magana da mai kubik a kan awo a ƙofar fili, ya ce ya yarda amma in a baje za a auna bayan tafiya, sai dai 11,500, don shi a wajen lodi yake saye. Mai tifa kuma da ya ji ana ta awo ya ce zai cika har baki ya bar shi a 120,000 ɗin. Injiniya, in ya cika 12.1 ɗin da gaske fa?

Injiniya Kabiru: In ya iso ƙofarki a shafe har baki, kubik ɗinsa ya dawo ƙasa da naira 10,000, ya doke 11,500 nesa ba kusa ba, tunda yanzu duka biyun a wuri ɗaya za a auna su. Sai dai sawun farko kowa yana cikawa. Ki ajiye rodin nan da tef a wajen mai gadi, ki biya sawu-sawu, kada ki ba da kuɗin huɗu a dunƙule.

Awwalu Mai Tifa: Ya iso a shafe ba zai yiwu ba sai an yi tozo a kogi, tozo kuma in babu tamfol rabinsa a titi zai ƙare. Ki tambaye shi ko yana da tamfol. Kuma tsohuwar mota ce, in ya yi mata wannan lodin sau biyu ya ji sifirin yana kuka, na uku zai rage, ko ya ce a ƙara kuɗi. Ni na san halinmu.

Hadiza Kwantiti: Hajiya in mai lissafin ya amsa ki turo mana abin da ya ce, da kaurin dekin ɗin da faɗinsa, in duba 40 ɗin da kaina.